An Tsara Saƙo, Lokaci Ya Yi, Babu Wanda Ya Samu

Makarantu da shaguna da ƙungiyoyi da yawa sun koma tura saƙon tes ga ɗaruruwan mutane a lokaci guda ta hanyar kamfanonin intanet. Mutum ya rubuta saƙonsa yau, ya sa rana da sa'ar da yake so ya fita, ya kama gabansa. Sai dai sau da yawa lokacin kan yi, waya ko ɗaya ba ta yi ƙara ba. Idan aka bincika, sai a tarar kuɗin saƙo ne bai isa ba.

Galibin waɗannan kamfanoni ba sa ba da bashi. Sai ka sayi yunit tukuna, kuma kowane shafin saƙo zuwa kowace lamba yana cin nasa. Da yawansu ba sa cire kuɗin ranar da ka tsara aikin, sai lokacin turawa. Idan abokin aikinka ya tura wani saƙon a tsakani, daga asusu ɗaya kuka ci. Da sa'ar ta yi, manhajar za ta lissafa abin da aikin ke buƙata. In bai kai ba, wasu kan tura iya abin da kuɗin ya ɗauka, wasu kuwa su dakatar da aikin dungurungum.

Mai rubuta Hausa yana da tarko na musamman. Shafi ɗaya yana ɗaukar harafi 160 ne idan baƙaƙen boko ne zalla. Amma ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikin wannan jerin, haka ma alamar ₦. Ɗaya tak ta shiga, saƙon ya koma tsarin Unicode, inda shafi ke ɗaukar harafi 70, ko 67 idan shafukan sun wuce ɗaya.

A ɗauka wata makaranta tana da yunit 1,000, shafi guda yunit guda. Magatakarda ya tsara sanarwar komawa karatu mai harafi 150 zuwa ga iyaye 600, yana ganin 600 za ta ci. Amma ya rubuta "ƙarfe bakwai" da ƙ mai lanƙwasa, sanarwar ta zama shafi 3, buƙata ta tashi zuwa 1,800. Safiyar Litinin babu abin da ya fita.

Gane matsalar ba wuya. Rahoton aikin zai nuna Failed, galibi tare da Insufficient balance, kuma ragowar yunit ɗin tana nan ba a taɓa ta ba. Idan kuwa an cire kuɗi, wasu sun samu wasu ba su samu ba, to a fara duba lambobin ko layin sadarwa.

Kafin ka tashi daga kan aikin, dubi adadin shafukan da manhajar ta nuna, ka ninka da yawan lambobi, ka sake duba asusun a jajibirin ranar. In aikin ya riga ya faɗi, zuba kuɗi kaɗai ba lallai ya tayar da shi ba. Tabbatar babu wanda ya samu, sannan ka sake tura shi da hannunka.