Tambaya cikin tambaya ko haɗa tebura: wanne ya fi?

Idan ma'aikacin banki ko mai shagon magani ya danna kwamfuta lissafi ya fito, akwai rumbun bayanai da ya amsa masa, kuma galibi da harshen SQL aka yi tambayar. Harshen ya fito ne daga kamfanin IBM a shekarun 1970, a hannun Donald Chamberlin da Raymond Boyce. A cikin rumbun, bayanai suna zaune a tebura daban-daban, layi-layi. Gardamar da masu wannan sana'a suka daɗe suna yi tana tasowa ne idan amsar tambaya guda tana warwatse a tebura biyu.

Mu ɗauki ɗan kasuwa mai sayar da kayan sari. Yana da teburin `kwastomomi` mai mutum 2,000, kowa da lambarsa da sunansa, da teburin `ciniki` mai layi 100,000, kowane layi ɗauke da lambar wanda ya yi sayayyar. Yana son ya san sau nawa kowa ya yi sayayya. Hanya ta farko ita ce a cusa ƙaramar tambaya a cikin babbar:

```sql
SELECT k.suna,
       (SELECT COUNT(*) FROM ciniki c
        WHERE c.kwastoma = k.lamba)
FROM kwastomomi k;
```

Ƙaramar tambayar ba ta iya tsayuwa da ƙafarta, domin tana ambaton `k.lamba`, wanda daga babbar tambaya yake zuwa. Kamar akawu ne mai littattafai biyu: ya karanta suna a na farko, ya buɗe na biyu ya ƙirga cinikin mutumin, ya rubuta, sannan ya koma suna na gaba. Hanya ta biyu kuwa ita ce a haɗa teburan biyu tun farko, kowane ciniki ya zauna kusa da mai shi, sannan a karkasa a ƙirga:

```sql
SELECT k.suna, COUNT(c.kwastoma)
FROM kwastomomi k
LEFT JOIN ciniki c ON c.kwastoma = k.lamba
GROUP BY k.lamba, k.suna;
```

Amsarsu ɗaya ce, amma fa sai an rubuta ta biyun da kula. Da an sa `JOIN` kawai babu `LEFT`, duk kwastoman da bai taɓa sayen komai ba zai ɓace daga lissafin, alhali wataƙila su ne ma mai shagon ke son gani. Da kuma an sa `LEFT JOIN` amma aka rubuta `COUNT(*)`, waɗannan mutanen za su fito da 1 maimakon 0, saboda haɗin yana bar musu layi guda wanda ɓangaren cinikinsa fanko ne, kuma `COUNT(*)` layi yake ƙirgawa, bai damu da abin da ke ciki ba. Wannan tarkon ya kama har da masana. A 1982 Won Kim ya fitar da hanyar mayar da irin waɗannan tambayoyi zuwa haɗi, daga baya aka gano tana yin kuskure wajen ƙirga idan babu layin da ya dace, har Richard Ganski da Harry Wong suka fito da gyara a 1987.

Akwai wanda ya fi wannan muni, domin kuɗin mutane yake taɓawa. A ce akwai tebur na uku, na biyan bashi. Wani kwastoma ya ɗauki kaya sau 3, kowanne na naira 10,000, ya kuma biya sau 2, kowanne naira 5,000. Kayan 30,000 ne, biyan 10,000, saura 20,000. Idan aka haɗa teburan uku a tafi ɗaya, kowane ciniki zai haɗu da kowane biya, layuka 6 su fito. Jimillar kaya ta zama 60,000, ta biya ta zama 30,000, sai a bi bawan Allah bashin 30,000. Kwamfutar ba za ta yi ƙorafi ba, tunda abin da aka ce ta yi ta yi. Wasu kan yi gaggawar sa `SUM(DISTINCT ...)`, wanda ke ƙara ɓata lamarin: tunda cinikin uku kuɗinsu ɗaya, zai ɗauke su a matsayin guda ya ba da 10,000. Ƙananan tambayoyi biyu, ɗaya ta tara kaya ɗaya ta tara biya, ba sa faɗawa wannan rami, domin kowacce teburinta kaɗai take dubawa.

Shi ya sa a ganina tambayar da ya kamata a fara yi ita ce: kowane layi na amsar, me yake wakilta? Idan kwastoma guda ne, kuma adadi ɗaya kawai ake so daga ɗayan teburin, ko ana son sanin akwai ko babu, ƙaramar tambaya ta fi sauƙin karantawa, tunda ba ta ƙara layi kuma ba ta ragewa. Idan kuwa ana son a ga bayanan ɓangarorin biyu tare, suna da ranar ciniki da kuɗi, to haɗi ne ya dace.

Sai batun sauri. An saba cewa haɗi ya fi sauri, kuma maganar tana da tushe. Idan kwamfutar ta bi hanyar farko yadda aka rubuta ta, kuma babu fihirisa a kan `kwastoma`, za ta karance layuka 100,000 sau 2,000, wato layi miliyan 200. Haɗin kuwa yana iya karanta kowane tebur sau ɗaya tak, layi 102,000 gaba ɗaya. Amma da zarar an kafa fihirisa, lissafin ya sauya:

```sql
CREATE INDEX ciniki_kwastoma ON ciniki (kwastoma);
```

Yanzu kowane suna yana kai ta kai tsaye ga layukansa, kimanin 50 ga mutum guda, tazarar ta ragu ƙwarai. In ma mutum 10 kaɗai ake nema, layi kusan 500 za a taɓa, kuma shi kansa haɗin ta wannan fihirisar zai bi, sai hanyoyin biyu su yi kunnen doki.

Ban da haka, abin da ka rubuta ba lallai ne shi kwamfutar za ta aikata ba. A kowane rumbu akwai sashen da ke tsara yadda za a gudanar da tambaya, kuma yana da ikon sake mata fasali muddin amsar ba za ta canza ba. PostgreSQL, alal misali, yakan mayar da tambayar `EXISTS` wani nau'in haɗi da kansa, don haka babu asara a rubuta ta. Amma irin ƙirgar da muka sa a cikin `SELECT` yakan bar ta yadda take, yana maimaita ta ga kowane kwastoma. Wani rumbun kuma daban yake yi. Saboda haka gardamar fatar baki ba ta raba wannan shari'a, sai an duba.

Dubawar ba ta da wuya. A PostgreSQL ana sa `EXPLAIN ANALYZE` a gaban tambayar, ya gudanar da ita ya nuna matakan da ya bi da lokacin da kowanne ya ci. Idan ka ga `SubPlan`, a ƙarƙashinsa `Seq Scan` tare da `loops=2000`, ka kama ɓarawon: an karance teburin ciniki kaf sau 2,000, kuma maganinsa fihirisa ne ko haɗi. A MySQL alamar da `EXPLAIN` ke nunawa ita ce `DEPENDENT SUBQUERY`. Sai dai a yi gwajin da bayanai masu yawan na gaske. Da kwastoma 20 da ciniki 100, mafi munin hanyar layi 2,000 kawai za ta karanta, ta gama kafin ƙiftawar ido, matsalar ba za ta bayyana ba sai shagon ya bunƙasa.