Jawabin Maraba a Taron Rigakafi: Abin da Mai Unguwa Yake Bukatar Ji Daga Bakin Shugaban Asibiti

Duk lokacin da za a ƙaddamar da gangamin rigakafi, akan kafa rumfa a harabar asibiti, a gayyato hakimi da dagatai da masu unguwanni da limamai da shugabannin mata, sannan a miƙa wa shugaban asibiti lasifika ya yi jawabin maraba. Yawancin irin wannan jawabi yakan ƙare ne a jera sarautu da godiya, a rufe da cewa rigakafi ya fi magani. Gaisuwa wajibi ce, ba mai tsayawa gaban hakimi bai ce "Allah ya ja zamaninka" ba. To amma mutanen da ke zaune a rumfar nan su ne gobe za su tsaya a ƙofar gidan magidancin da ya ce ba za a taɓa masa 'ya'ya ba. Idan sun tashi daga taro ba su da amsar tambayoyinsa, an tara su ne a banza. Bari mu ɗauki allurar ƙyanda mu ga abin da ya kamata likita ya sa musu a hannu.

Tambayar farko da mai unguwa zai sha ita ce: yaron nan an yi masa allura yana wata tara, ga kati, me za a sake yi masa? Amsar lissafi ce, kuma shugaban asibiti zai iya yin sa a fili cikin minti biyu. Allurar ƙyanda da ake yi a wata tara takan kama a jikin yara kusan 85 cikin 100. Sauran ba ta kama su, galibi saboda ragowar garkuwar da suka samo daga uwa tun suna ciki takan kashe ƙarfin allurar kafin jikinsu ya koyi yin tasa. Da ido ba a gane wanda ta kama da wanda ba ta kama ba.

A ƙaddara wata unguwa ana haihuwar yara 100 a shekara, sai 60 kawai aka kai asibiti a wata tara. Cikin 60 ɗin, allura za ta kama kusan 51, tara su fita fayau kamar ba a yi musu ba. A haɗa taran nan da 40 da ba a kai ba, an sami yara 49 marasa kariya a shekara guda. Shekara uku a haka, an tara 147. Ita kuwa ƙyanda tana cikin cututtukan da suka fi kowanne saurin yaɗuwa. Yaro ɗaya mai ita kan iya harbar mutum 12 zuwa 18 a inda babu masu kariya, ƙwayar takan zauna a iskar ɗaki har sa'a biyu bayan mai ita ya fita, kuma yana yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, lokacin da uwa take zaton mura ce kawai. Shi ya sa unguwa kan yi shekara biyu ko uku shiru, mutane su saki jiki, sai bazara ɗaya ta shigo ta bi gida gida. Ba a tare mata hanya sai kusan yara 95 cikin 100 sun sami allura sau biyu. Wannan ne dalilin allura ta biyu a wata 15, kuma shi ne dalilin da ya sa a gangami ake yi wa kowane yaro da ke cikin shekarun da aka ƙayyade, mai kati da marar kati. Mai unguwar da ya ji wannan lissafi sau ɗaya zai iya maimaita shi a zaure ba tare da takarda ba.

Abu na biyu ya fi wuyar faɗa, kuma a nan ne masu jawabi da yawa suke zamewa. Sai ka ji an ce allurar "ba ta da wata illa ko kaɗan." Wannan magana tana jefa mai unguwa cikin rami. Gaskiyar ita ce dantsen yaro kan yi ciwo ko ɗan kumburi na kwana ɗaya ko biyu. Wasu yaran, kamar 5 zuwa 15 cikin 100, sukan yi zazzaɓi tsakanin kwana 7 zuwa 12 bayan allura, kaɗan daga cikinsu har da 'yan ƙuraje, sannan ya wuce da kansa. Uwar da aka gaya wa haka tun farko za ta ba da farasitamol da nono ta kwantar da hankalinta. Wadda aka rantse mata cewa babu komai, idan jikin ɗanta ya yi zafi bayan mako guda, za ta ce an yi mata ƙarya, kuma ba likita za ta tuhuma ba, mai unguwar da ya yi shela za ta tuhuma. Akwai kuma wani mummunan borin jini da kan zo cikin 'yan mintoci, numfashi ya sarƙe, fuska ta kumbura. Yana da wuyar aukuwa ƙwarai, kusan sau ɗaya cikin allura miliyan, kuma yana da magani, wato allurar adirenalin. Saboda shi ne ake cewa uwa ta ɗan zauna kamar rabin sa'a kafin ta tafi. Ya kamata shugaban asibiti ya faɗa a bainar jama'a cewa kowace tawaga tana riƙe da wannan magani, ya kuma ambaci asibitin da za a kai yaro idan ya yi jijjiga ko ya kasa kama nono.

Babban haɗarin da ya fi wannan ba daga allurar yake ba, daga hannun ma'aikaci yake. Allurar ƙyanda gari ce a cikin kwalba, sai an dama ta da ruwanta na musamman da kamfani ya haɗo su tare. Da zarar an dama, sa'a shida kawai take da su, kuma cikin sanyi. Bayan haka zubarwa ake yi, domin ƙwayoyin cuta kan iya hayayyafa a cikinta. A ƙasar Samoa, a watan Yulin 2018, ma'aikatan jinya biyu sun dama allurar da wani magani mai saki tsoka maimakon ruwanta, jarirai biyu suka mutu. Iyaye suka tsorata, aka dakatar da allurar na watanni, adadin yaran da ake yi wa ya faɗi warwas. A ƙarshen 2019 ƙyanda ta shiga ƙasar, wadda mutanenta ba su wuce kusan dubu 200 ba, ta kashe mutum 83, yawancinsu ƙananan yara. Kuskure ɗaya ya ci rai biyu, tsoron da ya biyo baya ya ci fiye da tamanin.

Saboda haka, a ganina, likitan kirki ba zai ji kunyar ɗaga kwalba a gaban sarakuna ya koya musu sa ido a kan ma'aikatansa ba. A jikin kwalbar ko a kan murfinta akwai wata 'yar da'ira mai murabba'i a tsakiya. Idan murabba'in ya fi da'irar haske, allurar lafiya take. Idan launinsu ya zo ɗaya ko murabba'in ya fi duhu, zafi ya lalata ta, ba a yi wa kowa. Ana ajiye ta ne a sanyin digiri 2 zuwa 8, don haka kwalbar da aka gani a kan tebur cikin rana abin tambaya ce. Sirinji kuwa a gaban uwa za a ɓare shi daga leda, irin wanda yake kulle kansa bayan amfani ɗaya, a jefa shi cikin kwalin da aka tanada. Dagacin da ya san waɗannan, idan ya ce wa jama'arsa "na duba da idona," maganarsa tana da nauyi.

Sai kuma maganar da kowa a rumfar yake riƙe da ita a zuci. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a binciken da ya haɗa da yara kusan 200 a Asibitin Zana. Yara 11 suka rasu cikin waɗanda aka sa a binciken, aka yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Trovan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ba rigakafi ba ne, amma tabon da ya bari shi ne ya share fage ga abin da ya faru a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi bisa zargin yana hana haihuwa. Kano ba ta dawo ba sai Yulin 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo maganin daga Indonesiya. Kafin a farga, cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20. Abin da ya juya al'amarin daga baya shi ne shigowar sarakuna gadan-gadan, musamman kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko da aka kafa a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa ainihin ƙwayar shan inna ta daji ta bar Afirka. Likitan da ya kira masu shakka jahilai ya manta cewa shakkarsu tana da tarihi. Wanda ya ambaci tarihin da bakinsa, sannan ya faɗi sunan kamfanin da ya yi wannan allurar da kuma cewa hukumar NAFDAC ta yi mata rajista, ya girmama hankalin masu sauraronsa.

Daga nan jawabin ya sauka kan aiki. Ɗigon shan inna ana bin gida gida da shi, amma ƙyanda allura ce, don haka akan kafa wurin yi ne a asibiti, ko makaranta, ko ƙofar gidan mai unguwa, iyaye su kawo yara. Ke nan idan ba a yi shela ba, ma'aikata za su wuni suna kallon juna. Kwalbar da aka fi amfani da ita ta yara goma ce, idan uku suka zo, ragowar bakwai ta tafi a banza bayan sa'a shida. Abin da ake nema wurin mai unguwa shi ne ya tsayar da wuri mai inuwa, ya sa a yi shela da rana da lokaci, ya ba da sunayen rugage da makarantun allo da sababbin unguwannin da taswirar ma'aikata ba ta san da su ba. Liman ya yi magana da magidanta ranar Juma'a, domin a gidaje da yawa uwa ba ta fita da yaro sai da izinin maigida. Ungozoma da wanzami kuwa sun fi rajistar asibiti sanin gidan da aka yi haihuwa.

Ranka ya daɗe Hakimi, Allah gafarta Malam, idan aka gayyace ku irin wannan taro aka gama jawabi ba a faɗi shekarun yaran da za a yi wa allura ba, ko ranakun aikin, ko wurin da za a kai yaron da jikinsa ya rikice da lambar wayar wanda za a kira da dare, kada ku tashi sai kun tambaya.