Kafin a rufe ofis a tafi hutu

Wata ma'aikaciyar sashen kuɗi ta tafi hutun mako biyu, ta bar wa abokin aikinta imel mai layi ɗaya: "Don Allah ka lura da maganar mai kawo dizal." Rana ta uku janareta ya mutu. Ashe mai dizal jiran cikon kuɗinsa yake, takardar biyan kuwa tana kan teburin manaja ba sa hannu.

Laifin na kalmar "lura" ne, domin ba ta ce a yi komai ba. Da ta rubuta: "Malam, an biya rabin kuɗin, takardar sauran na wurin manaja. Ka karɓo ta ranar Talata ka kai wa kashiya, domin Alhamis za a kawo man," da zance ya ƙare. Ga inda aiki ya tsaya, ga mai yi, ga rana.

Akwai kuma abin da masu tafiya kan manta: iyakar ikon wanda aka bar wa aiki. Zai iya amincewa da ƙarin farashi, ko sai ya tambayi manaja? In ba a faɗa ba, wayar mai hutu ce za ta yi ta ƙara.

A tura saƙon kwana biyu kafin tafiya, saboda a samu damar yin tambaya.