Gashin cinyar rago: me ya sa nama ke ci gaba da dahuwa bayan an sauke shi daga wuta?

Mutane da dama na ɗauka cewa da zarar an fitar da nama daga obin ko an ɗauke shi daga kan garwashi, gashi ya ƙare ke nan. Ba haka abin yake ba, musamman ga babban nama irin cinyar rago. Tsakiyar naman na ci gaba da ɗaukar zafi na tsawon mintuna bayan an sauke shi. Shi ya sa cinyar da aka duba aka ga ta yi daidai a kan wuta, kafin a zauna cin abinci sai a tarar ta bushe, tana tauri kamar jijiya.

Daga ina zafin yake zuwa?

Wuta ba ta shiga nama gaba ɗaya lokaci guda. Tana fara gasa bayansa ne, sannan zafin ya riƙa ratsawa ciki a hankali. Saboda haka a lokacin da aka sauke cinya, bayanta yana kusa da zafin tafasar ruwa, wato digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, alhali tsakiyarta wataƙila ba ta wuce digiri 65 ba.

Zafi kuma kullum daga wuri mai zafi yake tafiya zuwa wurin da bai kai shi ba. Idan aka ajiye naman, wani ɓangare na zafin da ke bayansa zai fita cikin iska, saura kuma ya ci gaba da gangarawa ciki. Haka tsakiyar za ta yi ta hawa, bayan yana sauka, har su kusan daidaita. Daga nan ne duk naman zai fara hucewa tare.

Digiri nawa yake ƙaruwa?

Abu biyu ne suka fi yanke wannan hukunci: kaurin naman da ƙarfin wutar da aka gasa shi da ita.

Tsire da balangun da aka yanka fale-fale kusan ba su ƙara komai, domin ba su da jikin da zai riƙe zafi, nan da nan suke hucewa. Yankan nama mai kaurin yatsa biyu kan ƙara kamar digiri 2 zuwa 3. Babban nama irin cinya ko kafaɗa kuwa yakan ƙara digiri 5 zuwa 8, wani lokaci har ya kai 10.

Ƙarfin wuta ma haka yake. Cinyar da aka gasa a hankali a digiri 120 ba ta ƙara zafi sosai, domin tazarar da ke tsakanin bayanta da cikinta ba ta da yawa. Wadda aka gasa a digiri 220 kuwa ta tara zafi mai yawa a bayanta, don haka hawan zai fi girma. Wutar garwashi mai ƙarfi tana cikin wannan rukuni na biyu.

Misali da cinya mai kilo biyu da rabi

A ce an sa cinyar rago mai kilo biyu da rabi a obin mai zafin digiri 180. Mutanen gidan ba su son ganin ja a cikin nama, don haka ana so tsakiyar ta ƙare a wajen digiri 71, inda nama ya dahu sarai amma bai rasa ruwansa ba.

Wanda ya jira har ma'aunin zafi ya nuna 71 sannan ya sauke, to a cikin mintunan da ake jera kwanuka, tsakiyar za ta iya haura zuwa 77 ko 78. A wannan matakin zaren tsoka ya tsuke ƙwarai ya matso ruwansa waje. Alamar ita ce naman ya yi toka-toka tun daga baya har ƙashi, ga shi a bushe wajen tauna.

Dabarar ita ce a sauke da wuri. Idan an soka ma'aunin a wurin da ya fi kauri, ba tare da ya taɓa ƙashi ba, ya nuna 64 ko 65, sai a fitar. A ɗora cinyar a kan katako ko faranti, a bar ma'aunin a ciki idan irin wanda ake bari ne. A mintuna goma na farko za a ga lambar tana hawa da sauri, daga baya ta rage gudu, zuwa minti 15 ko 20 ta tsaya a wajen 70 ko 71. Idan ta tsaya ta fara sauka, lokacin yanka ya yi.

Wannan jiran yana da wani amfanin. Naman da ya ɗan huce, ruwansa kan ɗan yi kauri, saboda haka ba ya malala a kan katako kamar na wanda aka yanka yana tururi.

Abubuwan da ke ɓata lissafi

Rufi shi ne na farko. Idan aka naɗe naman kam-kam da foyil ko aka jefa shi cikin kula, zafi ba ya samun hanyar fita, don haka hawan zai wuce yadda aka ƙiyasta, tururi kuma ya jiƙa bayan da ya yi ƙamas. Ya isa a ɗora foyil a sama sako-sako. A gefe guda, ajiye shi a gaban fanka ko a cikin iskar hunturu na rage hawan, har tsakiyar ta gaza kaiwa inda ake so.

Wuƙa ma tana da tasiri. Da zarar an yanyanka nama, zafi ya tsere, hawan ya tsaya. Wannan na da amfani idan an ga an makara wajen saukewa: a yanka nan take, kada a jira.

Sai kuma shekarun dabbar. Tsohon rago, irin wanda ake yawan samu lokacin layya, jijiyoyinsa ba sa laushi a digiri 71. Yana buƙatar doguwar dahuwa a ƙaramar wuta, a rufe, har ciki ya kai wajen digiri 90. Jira bayan saukewa ba zai maye gurbin wannan ba.

Iyakar da lafiya ta gindaya

Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ba da shawarar cewa dunƙulen naman sa ko na rago ya kai aƙalla digiri 63, sannan a bar shi ya huta minti uku kafin a ci. Niƙaƙƙen nama sai ya kai 71, kaza kuma 74. Ga kaza da niƙaƙƙen nama, abin da ya fi aminci shi ne a ga lambar da ido a kan ma'auni, kada a dogara da ƙiyasi.

Hutun ma yana da iyaka. Bai kamata dafaffen nama ya wuce awa biyu a waje ba, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, kamar yadda ake gani a Kano ko Sakkwato lokacin bazara, awa ɗaya ce kawai. Minti 20 sun ishi cinya. Bayan an ci, abin da ya rage sai a sa a firji.