Canjin kuɗi a littafin ofis: kowace rana da farashinta

Ranar 11 ga Janairu 1994 shugabannin ƙasashen da ke aiki da kuɗin sefa suka taru a Dakar, suka yanke shawarar rage darajarsa da rabi. Shawarar ta fara aiki washegari, 12 ga wata. Faran ɗaya na Faransa, wanda tun 1960 ake canza shi a kan tamma 50, ya wayi gari a kan tamma 100. Duk ma'aikacin lissafin da ya taɓa buɗe tsohon kundi na wannan shekara, na bashi ko na fansho ko na kayan da aka yiwo oda, ya san cewa tambayar "faran nawa ne a sefa?" ba ta da amsa sai an faɗi ranar da ake nufi.

A ɗauki misalin wani ofis a Damagaram da ya sayi kayan aiki sau biyu daga wani kamfani na Faransa. Takardar kuɗin kaya ta farko, wato faktir, tana ɗauke da ranar 5 ga Janairu 1994, ta biyun kuma 20 ga Janairu. Kowacce faran 12.000 ce. Ga ido kuɗinsu ɗaya ne, amma ta farkon sefa 600.000 ce, jika ɗari shida ke nan, ta biyun kuwa miliyan ɗaya da jika ɗari biyu. Wanda ya ninka duka biyun da farashi guda, ko 50 ko 100, jimlarsa za ta kauce da jika ɗari shida, ba kuwa don ya kasa ninkawa ba.

Maganin wannan shi ne jadawalin farashi, kuma fasalinsa ba shi da wuya. Gida biyu gare shi. Gidan hagu na ranar da farashi ya fara aiki ne, gidan dama na farashin kansa. Ana jera ranakun daga tsohuwa zuwa sabuwa. Jadawalin faran na Faransa layi biyu kawai yake bukata: 1 ga Janairu 1960 da 50 a gabansa, sai 12 ga Janairu 1994 da 100. Ba a rubuta ranar ƙarewa, domin kowane farashi yana aiki har ranar da layi na gaba ya gaje shi. Daga nan ne ƙa'idar nema ta fito. Mai lissafi zai sa yatsa a gidan hagu, ya yi ta sauka har ya tarar da ranar da ta wuce ta takardarsa, sai ya koma baya da layi ɗaya. In ya kai ƙarshe bai tarar da ita ba, layin ƙarshe ne nasa. Takardar 5 ga Janairu za ta ci karo da 12 ga wata, ta koma layin 1960, ta ɗauki 50. Takardar da ta faɗo daidai ranar 12 kuwa sabon farashi ne nata.

Sai dai jadawali ba ya zaɓar wa mutum rana, kuma nan ne gardama ta fi yawa. Ciniki ɗaya yakan zo da rana uku ko huɗu: ranar oda, ranar faktir, ranar da kaya suka iso, da ranar da banki ya biya. A ce faktir ta 5 ga Janairu ba a biya ta ba sai cikin Fabrairu. An shigar da bashin cikin littafi a kan 600.000, amma mai kaya faran 12.000 yake bi, kuma a Fabrairu sai an fitar da 1.200.000 kafin a samu wannan faran. Ba daidai ba ne a koma a goge lambar farko don littafi ya yi kyau. Lambobin biyu duk gaskiya ne, kowace a ranarta, bambancin da ke tsakaninsu kuma asarar canji ce, ana rubuta ta a layinta dabam. Haka tsarin lissafi na SYSCOHADA ya shimfiɗa wa kamfanoni a yau: a shigar da ciniki da farashin ranar da aka yi shi, a sake auna bashin da ba a biya ba da farashin ranar rufe shekara, a fitar da riba ko asarar canji idan an biya. Da a ce yarjejeniyar ta ambaci sefa ne tun farko, da mai kaya ne zai ɗauki asarar. Don haka kafin a taɓa jadawali, a duba kuɗin da aka rubuta cikin yarjejeniya.

Tun 1 ga Janairu 1999 sefa tana ɗaure da yuro a kan 655,957, wato tamma 655 da ɗan ɗori. Wannan farashi bai motsa ba, saboda haka jadawalin yuro layi ɗaya ne. Abin lura a nan shi ne kada a datse shi. Wanda ya mai da shi 656 don sauƙi, a kan yuro 100.000 zai ƙara sefa 4.300 da ba kowa ya biya ba.

Dalar Amirka, wadda bai kamata a rikita ta da dalar kasuwa mai tamma biyar ba, ita ce mai ba da aiki, domin farashinta kullum yana motsi. Tun da sefa na bin yuro, ana samun farashin dala ta hanyar raba 655,957 da adadin dalar da yuro ɗaya ke saye a ranar. A ce, don misali kawai, yuro na sayen dala 1,10. Dala ɗaya ta zama tamma 596,32. In ya sauka zuwa 1,05, dala ta hau 624,72. A kan kayan dala 8.000, na farko ya ba da 4.770.560, na biyu 4.997.760. Tsakaninsu akwai sefa 227.200, kuɗin da ya isa mai binciken lissafi ya nemi bayani a rubuce. Babban bankin BCEAO yana fitar da farashi a ranakun aiki, jadawalin dala kuwa yakan zama layi ɗaya ga kowace irin wannan rana. Asabar da Lahadi da ranakun hutu ba su da layi. Ƙa'idar komawa baya da layi ɗaya ita ke cike giɓin: takardar Asabar tana ɗaukar farashin Juma'a, ba na Litinin ba, domin ranar Asabar ba wanda ya san abin da Litinin za ta zo da shi.

A ofisoshin da ke da inji mai ƙwaƙwalwa, wannan aikin yatsa ne Excel ke yi. A buɗe shafi mai suna Farashi, ranaku a gidan A, farashi a gidan B. A shafin takardu kuma, ranar faktir tana A2, adadin kuɗin waje yana B2. A gidan C2 sai a rubuta:

```
=RECHERCHEV(A2;Farashi!A:B;2;VRAI)
```

Ma'anarsa: nemi ranar da ke A2 cikin gidan farko na jadawali, ka kawo abin da ke gida na biyu. Daga nan D2 ya zama `=B2*C2`. Kalmar ƙarshe, `VRAI`, ita ce ke ba da izinin komawa ranar da ta gabata idan ba a samu ranar daidai ba. In aka sa `FAUX`, duk takardar Asabar za ta fito da `#N/A`. Injin da aka saita da Ingilishi yana kiran wannan umarni `VLOOKUP`, kalmar ƙarshen kuma `TRUE`.

Kuskuren da ya fito da `#N/A` mai sauƙi ne, tun da ya nuna kansa. Yakan faru in ranar takarda ta girmi layin farko na jadawali, ko kuma in an shigar da ranar a matsayin rubutu. Ana gane wannan na biyun da ido: rana ta gaskiya tana jingina dama a gidanta, wadda inji ya ɗauka rubutu ce tana jingina hagu. Waɗanda suka fi haɗari su ne masu fitowa da lamba mai kama da gaskiya. In aka cusa wata rana a ƙasan jadawali alhali wurinta na tsakiya ne, jerin ya karye, injin kuma yana iya kawo farashin wani layi ba tare da gargaɗi ba. Haka nan tsarin rubuta rana. A Nijar 05/01/1994 na nufin 5 ga Janairu, amma injin da ke bin tsarin Amirka zai karanta 1 ga Mayu, ya tsallake ranar rage daraja, ya ninka da 100. Faktir ɗin Damagaram ta ninka ke nan ba wanda ya taɓa ta.

Akwai kuma wanda ya fi waɗannan ɓuya. In ma'aikacin da ke cika jadawalin dala ya tafi hutu a ƙarshen Maris, ba wanda ya gaje shi, duk takardun Afrilu da Mayu za su ci gaba da ɗaukar farashin layin ƙarshe, domin ga injin shi ne na baya-bayan nan. Ana kama wannan da gida ɗaya na ƙari:

```
=A2-RECHERCHEV(A2;Farashi!A:B;1;VRAI)
```

Wannan yana nuna kwana nawa ke tsakanin ranar takarda da ranar farashin da aka ɗauko. In an ga ya fito kamar kwanan wata, sai a mai da gidan na lamba. Ga dala, sifili zuwa kwana uku ko huɗu ba laifi, hutun mako ne ko na salla. In aka ga 40, jadawali ya tsaya, a nemo farashin da ya ɓace kafin a sa hannu. Ga faran da yuro wannan awo ba ya aiki, tun da farashinsu yakan yi shekaru bai canza ba.

Wasu ofisoshi sukan ajiye layi ɗaya ga wata guda, matsakaicin farashi, don rage wahala. Dabara ce mai kyau a watan da kuɗi ke kwance, amma tana ruɗarwa a watan da ya yi tsalle. Matsakaicin Janairu 1994 bai dace da takardar 5 ga wata ba, bai kuma dace da ta 20 ba. Naira ma ta nuna haka a tsakiyar Yuni 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sake ta, farashinta na hukuma ya faɗi ƙwarai cikin yini guda. A irin wannan wata, sai a raba layin gida biyu daga ranar da canjin ya auku. Naira tana da wata matsala da ƴan kasuwar Maraɗi da Birnin Ƙonni suka sani sarai: farashin banki dabam, na ƴan canji dabam, kuma na saye ba shi ne na sayarwa ba. Jadawali ɗaya bai kamata ya haɗa su ba. A saman kowane shafi a rubuta sunan kuɗin, da inda aka samo farashin, da kuma ko na saye ne ko na sayarwa. In kuwa banki ya riga ya biya, farashin da ke kan takardar bankin shi ake shigarwa a layin biya, a manna takardar a bayan faktir.