Hira Ɗaya, Kasuwa Biyar: Yadda Ake Yanka Dogon Bidiyo

A ce ka ɗauki hirar minti 40 da wani likitan dabbobi kan kiwon kaji, ka ɗora ta a YouTube. Mutane kaɗan ne za su kalle ta har ƙarshe, domin data tsada gare ta, lokaci ma haka. Amma a cikin hirar akwai amsoshi da dama da mai kaji hamsin a bayan gida yake nema ruwa a jallo. Aikinka shi ne ka tsamo su, ka kai masa kowacce inda ya saba leƙawa.

Kada ka fara da manhajar yanka bidiyo. Ɗauki biro da takarda, ka saurari hirar daga farko, kana rubuta mintin da kowace magana ta fara da inda ta tsaya: 07:10 zuwa 08:05 rigakafi a ruwan sha, 19:30 zuwa 20:40 ɗumama 'yan tsaki da sanyi. Abin da kake nema shi ne tambaya ɗaya da cikakkiyar amsarta, wadda baƙon da bai ga sauran hirar ba zai fahimta. Gaisuwa da gabatarwa duk su tsaya a dogon bidiyon.

A wurin yankan ne ake yin ɓarna. Likitan ya ce ana iya ba kaji rigakafin Lasota a ruwan sha, ya ɗan numfasa, sannan ya ƙara da cewa amma ban da ruwan da aka zuba wa kulorin, domin yana kashe ƙarfin maganin, kuma ba a ba kajin da suka riga suka kamu da ciwo. Mai gaggawa zai datse a wurin numfashin nan, tunda maganar ta yi kamar ta cika. Wani ya kalla a Funtuwa, ya haɗa da ruwan famfo, bayan makonni annoba ta share masa keji. Mun sha ganin irin wannan da karatun malamai: a gutsure rabin jimla, gari ya ɗauki zafi a kan abin da mutum bai faɗa ba. Ni a ganina wannan cin amanar mai magana ne, ko da ba a yi da gangan ba. Saboda haka kafin ka yanke, saurari daƙiƙa ashirin na gaba. In ka ji "amma", ko "sai dai", ko "idan", to maganar ba ta ƙare ba. Guntu ya yi tsawo ya fi ya fito da rabin gaskiya.

Sai batun siffa. Bidiyon YouTube a kwance yake, 16:9, su kuwa TikTok da Reels da Shorts a tsaye suke, 9:16. In ka mayar da na kwance tsaye, kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin hoton ne ke saura, don haka hannun likitan da ke nuna kwalbar magani na iya ɓacewa. A CapCut ko InShot sai ka matsa hoton da kanka. Tun watan Oktoba na 2024 Shorts na karɓar har minti 3, amma amsar rigakafin nan minti ɗaya ya ishe ta. Ka fitar da kowane guntu daga asalin bidiyon; kada ka sauko da na TikTok mai tambari ka ɗora a Instagram, domin tun 2021 suka ce suna rage yaɗa irinsa.

Ka sa rubutu a jikin hoton, saboda da yawa a cikin mota ko wurin aiki suke kallo, sauti a kashe. Rubutun da na'ura ke fitarwa da kanta yakan kwaɓa Hausa, gara ka buga da hannunka, ka kuma duba ko salon haruffan na nuna ƙ da ɗ da ɓ, kada su fito akwatuna.

Ba kowane wuri ke son bidiyo ba. A zaurukan WhatsApp na makiyaya, muryar likitan kaɗai ta fi tafiya, ga sauƙin saukewa. A Facebook ka rubuta amsar cikin sakin layi uku da hoto ɗaya. A X haruffa 280 ne iyakar asusun kyauta, sai ka ɗauki gargaɗin kulorin shi kaɗai. Kowanne ya ɗauki sunan likitan da inda cikakkiyar hirar take, domin da zarar an fara turawa, bayanin da ka rubuta a ƙasa ba ya bin sa.

Kada ka zube su rana ɗaya. Saki ɗaya yau, wani jibi, ka riƙa karanta tambayoyin da ke biyowa. In mutane suka yi ta tambayar wane irin ruwa za su yi amfani da shi, to guntun bai ɗauko amsar duka ba, sai ka koma minti na 8 ka ƙara masa.