Buhun taki ɗaya, suna uku a kwamfuta

Daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada da Doguwa, masu sayar da taki da iri da maganin feshi sun fara ajiye jerin kayansu a kwamfuta ko a waya. Sai dai akwai wani sakaci da ya zama ruwan dare. A wani babban shago da na leƙa, taki iri ɗaya ya shiga jerin sau uku. Yaron shago ya rubuta `Taki NPK 15-15-15 50kg`, ƙanin mai shagon ya rubuta `NPK 15:15:15 buhu 50 kg`, wani kuma ya zo ya yi nasa salon. Ana sayarwa ana ragewa daga layi ɗaya, har ya nuna kaya sun ƙare. Mai shago ya yi odar sabon kaya daga Kano ana tsakiyar damina, alhali buhuna na nan jibge a sito. Abin takaici, kowa ya ɗora wa kwamfuta laifi.

Wasu za su ce ai Excel na da `Remove Duplicates`. Wannan maɓallin layukan da rubutunsu ya zo daidai kawai yake kamawa, saɓanin ɗigo ɗaya ya isa ya wuce su. Abin da ake bukata shi ne auna kamannin rubutu, kuma kafin awo sai an yi shara. A mayar da haruffa duka ƙanana, a cire alamomin rubutu da tazarar da ta yi yawa, a haɗa `50 kg` ya koma `50kg`. A kula da haruffanmu masu lanƙwasa, domin a wurin na'ura `ƙwari` daban, `kwari` daban. A yi wannan gyara a kwafi, kada a taɓa jerin asali.

Hanya mafi sauƙi ita ce ma'aunin Jaccard, wanda wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwizalan, Paul Jaccard, ya fito da shi a 1901. Ana ƙirga kalmomin da layuka biyu suka yi tarayya a kansu, a raba da jimillar kalmomin da ke cikinsu ba tare da maimaici ba. Bayan shara, layin yaron shago na da `taki`, `npk`, `151515` da `50kg`. Na ƙanin mai shago na da `npk`, `151515`, `buhu` da `50kg`. Sun haɗu a uku, jimilla biyar, maki ya zama 0.6.

To, ga inda masu gaggawa ke faɗawa rami. Ɗauki layin farko ka gwada shi da `Taki NPK 15-15-15 25kg`. Sun haɗu a uku, jimilla biyar, maki 0.6 cif. Wancan kaya ɗaya ne da aka rubuta sau biyu, wannan kuwa rabin buhu ne mai farashinsa daban, amma lissafi bai ga bambanci ba. Ko ma'aunin Levenshtein na 1965, mai ƙirga yawan haruffan da za a sauya, a ƙara ko a cire kafin wata kalma ta koma wata, bai tsira ba. Daga `atirazin` zuwa `atrazine` gyara biyu ne, daga `25kg` zuwa `50kg` ma gyara biyu ne. Wanda ya bar na'ura ta haɗe duk abin da ya yi kama, zai wayi gari yana sayar da cikakken buhu a kuɗin rabi, ko ya miƙa wa manomin shinkafa na Bebeji NPK 20-10-10 alhali 15-15-15 ya biya.

Saboda haka a ware lambobi gefe. Nauyi, yawan lita, ƙarfin magani da haɗin taki kowanne ya samu gurbinsa, kuma dole su zo daidai kafin a dubi kamannin suna. Kalmomi irin su taki da buhu, da suke kusan kowane layi, a cire su daga awon. Da an yi haka, layukan nan biyu na farko za su ba da maki 1.

Idan jerin ya yi girma, a ce layi 5,000, gwada kowane layi da kowane zai kai gwaji 12,497,500. A kasa kayan rukuni-rukuni tukuna, taki da taki, maganin ciyawa da maganin ciyawa, aiki ya ragu sosai. Masu amfani da Power Query su sani cewa `Similarity threshold` yana farawa ne daga 0.80, wato duk makin da bai kai nan ba, za a tsallake shi, don haka a gwada saukar da shi a ga abin da zai fito.

Duk abin da na'ura ta zaƙulo, mutumin da ya san kayan ya duba da idonsa kafin a goge layi, kuma a haɗa adadin buhunan layukan a je sito a ƙirga. Ku masu shaguna, ku ba kowane kaya lambarsa guda, ku kuma hana yaranku buɗe sabon layi sai sun bincika ko akwai shi.